Rubutun Martani a Bainar Jama'a: Ban Haƙuri da Amsa Laifi

Wani nau'in rubutu da ya kamata ɗalibin malanta ya naƙalta shi ne martanin da ma'aikata ke mayarwa yayin da abokin hulɗa ya kushe aikinta a intanet. Ko da yake mutum guda ake amsa wa, jama'a ne ke karantawa, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan kwamfuta a gaban kotu. Ke nan, kowace jimla tana iya zama hujja a kan mai ita.

A ɗauki misalin kamfanin wanki da guga. Wani ya rubuta cewa an yi masa jinkirin kwana uku, an kuma ƙona masa shadda. Rasit ya tabbatar da jinkirin, amma ba a binciki ƙunar ba tukuna. Idan manaja ya rubuta, "Ka yafe mana, mun ƙona maka shadda," ya amsa laifin da bai tabbata ba, domin lamirin "mun" ya bayyana mai aikin, yafiya kuwa ba a neman ta sai an yi laifi. Wasu kan fake da "an ƙona" ko "ta ƙone a wurinmu". Wannan dabara ba ta fid da su, don kuwa ta ɓoye mai aikin ne kawai, alhali ta tabbatar da aukuwar abin.

Mafita tana cikin "yi haƙuri". Bahaushe kan faɗe shi ga wanda ya yi hasara ko da ba shi da hannu a ciki, saboda haka jaje ne muddin ba a liƙa masa dalili ba. Sai kuma a jingina zargin ga mai shi da kalmomi irin su "ka ambata". Dubi wannan:

"Malam, mun ga ƙorafinka, ka yi haƙuri da ɓacin ran da ka samu. Gaskiya ne kayanka sun makara da kwana uku. Batun ƙunar da ka ambata kuwa, muna roƙon ka kawo rigar tare da rasit, manaja zai duba ta a gabanka."

A lura cewa an amsa jinkirin kai tsaye, domin musun abin da ke rubuce zubar da mutunci ne. Ƙunar kuwa ba a amsa ta ba, ba a kuma musa ba. Ba a yi alkawarin diyya ba, tun da mai karatu zai ɗauke shi a matsayin amsa laifi. Haka nan ba a kira mutumin maƙaryaci ba, wanda hakan kan iya jawo ƙarar ɓata suna, kuma ba a bayyana lambar wayarsa ko adireshinsa ba. In bincike ya nuna dutsen gugar kamfanin ne ya yi ɓarnar, sai a kira shi a daidaita, a rubuta yarjejeniyar biya.