Gangarar da ido ba ya gani a kan rufin kankare

Rufin kankare, wanda magina ke kira dekin, shimfiɗaɗɗe ne a ido kawai. Idan aka bar shi ba gangara, ruwan damina zai kwanta a kansa har ya sami tsagar da zai bi. Shi ya sa ake ɗora masa dagen siminti da yashi, mai kauri ta gefe guda, siriri ta wajen indararo, sannan a bi samansa da shimfiɗar kwalta mai hana yoyo.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada gangarar ta gaza 1 cikin 80, wato santimita 1 a kowace santimita 80. Amma injiniyoyi kan tsara 1 cikin 40, don hannun birkila ba ya tafiya daidai, kankaren ma yana ɗan lotsawa a tsakiya.

A ɗauki rufi mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8. Idan duk ruwan zai bi faɗin zuwa gefe ɗaya a kan 1 cikin 80, tudun zai ɗara bakin indararo da santimita 10. In an fara da kaurin santimita 4, za a ƙare da 14. Matsakaicinsa 9 ke nan, kimanin tan 14 na dage a kan dekin, nauyin da ya kamata injiniya ya san da shi tun kafin a zuba. A ganina gara a sa tudun a tsakiya, ruwa ya rabu biyu. Kowane ɓari mita 4 ne, santimita 10 ɗin nan kuwa sai ta ba da 1 cikin 40 da siminti da yashi iri ɗaya.

Wajen sayen shimfiɗar, mutane kan ƙara kaya wai saboda gangara. Ba ita ke cin kaya ba: a kan murabba'in mita 80 ɗin nan, abin da take ƙarawa bai wuce faɗin littafin ɗan makaranta ba. Haɗi ne ke ci. Bandir mai faɗin mita 1 da tsawon 10 yana hawa kan ɗan'uwansa da santimita 10 ta gefe, 15 ta ƙarshe, saboda haka murabba'in mita 8.9 kawai yake rufewa. Sannan dole shimfiɗar ta hau jikin bangon da ya kewaye rufin da aƙalla santimita 15. Ƙyalle mai faɗin santimita 30 a zagayen mita 36 ya kusan murabba'in mita 11. Jimla 91, a raba da 8.9, bandir 11 ke nan, wanda ya yi lissafi da abin da aka rubuta a jikin bandir kuwa 8 zai sayo.

Kafin a shimfiɗa, a kwarara ruwa a ga inda zai tsaya, a gyara wurin. Sai a jira dagen ya bushe sarai, in ba haka ba zafin rana zai tada danshin da aka rufe, shimfiɗar ta kumbura. Daga bakin indararo ake farawa a yi sama, domin ruwa ya bi ta kan haɗin, kada ya kutsa ƙarƙashinsa.