Yadda bashin manhajar waya na kwana bakwai ke haifar da wani bashin

A Tudun Wada ta ƙaramar hukumar Nassarawa a Kano, yawancin mutane a kullum suke neman abin cefane: mai shago, tela, mai POS, direban adaidaita sahu. Idan lalura ta taso wa irin waɗannan, banki ba ya saurarensu sai da jingina da takardu, adashi kuma sai kwasa ta zagayo. Wannan giɓi ne manhajojin ba da bashi suka shigo su cike. Mutum zai sauke manhaja, ya sa lambar waya da BVN da lambar asusu, kafin shayinsa ya huce alat ya shigo. Sai dai da yawa daga waɗanda suka karɓa sau ɗaya sukan wayi gari manhaja uku ko huɗu na bin su. Dalilin yana cikin yadda aka gina bashin, musamman gajartar wa'adinsa.

Mai manhaja bai san wanda ya ba kuɗi ba, kuma bai riƙe masa komai ba. Don haka yakan kare kansa ta hanya uku. Yana taƙaita wa'adi zuwa kwana 7 ko 14 don kuɗinsa su dawo da wuri ya sake juya su. Yana tsawwala kuɗin ruwa, yadda waɗanda suka biya za su ɗauke asarar waɗanda suka gudu. Sannan yana neman izinin shiga lambobin da ke cikin wayar, waɗanda su ne suke zama jingina a fakaice, domin abin da mai karɓa ya ajiye a hannunsa shi ne mutuncinsa.

A irin wannan bashi sau da yawa ana cire kuɗin ruwa tun kafin kuɗin su shigo, da sunan ladan aiki. Mu ƙaddara direban adaidaita ne da ke zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, injinsa ya samu matsala. Ya nemi naira 20,000, manhaja ta cire 6,000, aka turo masa 14,000, aka ce ya biya 20,000 nan da kwana bakwai. A fuskar waya za a nuna masa kashi 30 cikin ɗari. Amma 14,000 ce ta shiga hannunsa, kuma 6,000 a kan 14,000 ta kusa kashi 43 cikin ɗari, a mako guda kacal.

Yanzu a duba ɓangaren samunsa. A ce bayan ya sha mai, ya ba mai mashin balas, ya bar kuɗin cefane, abin da ke saura masa a wuni naira 500 ne. A mako ya tara 3,500. Kuɗin da ya ranta sun riga sun tafi wurin bakanike, ba kaya ya saro ba balle ya sayar ya mayar. Ranar biya ana bin sa 20,000, yana riƙe da 3,500, saura 16,500. Idan ya wuce rana, tara za ta fara hawa kullum, kira kuma ba zai yanke ba. Hanya mafi kusa ita ce manhaja ta biyu, wadda ita ma za ta cire nata kashi 30. Kafin ya samu abin da zai cike giɓin sai ya ci bashin 24,000, a turo masa 16,800. Mako na zagayowa ana bin sa 24,000, yana da 3,800, dole ya ranci 29,000 a wuri na uku. Cikin mako biyu gyaran 14,000 ya zama bashin 29,000, alhali duk ɗan abin da ya tara ya zuba a ciki.

Akwai ma'auni mai sauƙi a cikin wannan lissafi. Idan rarar da mutum ke samu a tsawon wa'adin ba ta kai kuɗin ruwan wa'adin ba, duk sabuntawa ƙara bashin take yi. Da direban nan na tara 6,000 a mako daidai, zai yi ta biyan 6,000 kowane mako har illa masha Allahu, uwar kuɗi na nan 20,000 ba ta motsa ba. Da kuma an raba masa wannan 20,000 ɗin a mako shida, 3,500 ɗinsa ta ishe shi ya gama ba tare da ya sake ranta ba. Kuɗin ɗaya ne, mutumin ɗaya ne, wa'adi ne kawai ya bambanta.

Manhajar kanta tana taimaka wa wannan zagaye. Da zarar mutum ya biya, sai saƙo ya shigo cewa an ɗaga masa iyakar abin da zai iya karɓa. Wanda ya kwashe duk abin hannunsa ya biya, ba shi da na cefanen gobe, da wuya ya kau da kai. Shi kuwa mai manhaja, wanda ke dawowa kowane mako ya fi masa riba a kan wanda ya biya ya tafi. Tsoro kuma shi ke hana mutum tsayawa ya nemi sassauci: wasu manhajoji sukan tura wa 'yan uwa da surukai da abokan sana'a saƙo cewa wane ɓarawo ne. A unguwar da kowa ya san gidan kowa, mutum ya gwammace ya ci sabon bashi da a ji shi a majalisa.

Hukumomi sun taɓa wannan lamari. A 2019 kamfanin Google ya hana sa manhajar da ke neman a biya bashi gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka a Play Store, a 2023 kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotuna. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajoji a Ikeja ta Legas, daga baya a shekarar ta wajabta musu rajista, ta kuma fitar da sababbin dokoki a 2025. Amma masu kauce wa doka sukan canza suna, ko su riƙa turo mahaɗin sauke manhaja ta WhatsApp ko saƙon waya, inda ƙa'idar Google ba ta kai ba.

Saboda haka alamomin haɗari a bayyane suke: wa'adin mako ɗaya ko biyu, cire kuɗi kafin turowa, neman shiga lambobin waya, da rashin sunan kamfanin a jerin waɗanda FCCPC ta amince da su. Ban da batun riba, wanda malamai sun daɗe da bayyana hukuncinsa, lissafin kaɗai ya isa abin dubawa. Kafin a danna amincewa, a tambayi kai nawa zai shigo hannu, nawa za a mayar, kuma daga wane samu za a cire shi a ranar. Wanda ya riga ya shiga, a ganina babu abin da ya fi masa kamar ya daina biyan bashi da bashi, ya rubuta duk abin da ake bin sa, ya nemi a raba masa biya, ya riga manhajar sanar da danginsa. Idan an yi masa barazana, ya adana saƙonnin ya kai ƙara FCCPC.