Lambar da ke wuyan shat: yadda za ka san daidai kai kafin ka biya

 Yau maganar riga za mu yi, shat mai kwala da dogon hannu, irin wadda ake ɗaura wa nektai a yi zanzaro. Mu nan yankin Gumel da Maigatari da kaftani muka tashi, tela ya auna ka ya ɗinka, shi ke nan. Amma ranar da aka kira ka intabiyu a Dutse ko Kano, ko aka tura ka koyon koyarwa, ko ka samu aikin banki, dole ka shiga kasuwa neman shat. Kuma mai gwanjo ba ya karɓar kaya bayan an tafi da su. In ka sayi wadda ta shaƙe ka, kuɗinka ya tafi, ga shi gobe da safe za ka tsaya gaban mutane.

Juya rigar ka duba ɗan ƙyallen da aka ɗinka a cikin wuyanta. Sau da yawa za ka ga abu kamar 16 sannan 34/35. Lambar farko kewayen wuya ce, a inci. Ta biyu tsawon hannu ce, ita ma a inci. Haka masu ɗinki na Amurka suke rubutawa, 'yan Ingila kuma galibi lambar wuyan kaɗai suke sawa. Wata rigar za ka ga 41 kawai. Kada ka ɗauka ta ƙato ce. Wannan ma wuya ne, sai dai a santimita, yadda Faransa da Jamus da Italiya suke aunawa. Mu da muke bakin iyaka, mutanen Dungas da Magarya da Damagaram suna cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis, lissafin nan biyu suna haɗuwa a tsibi ɗaya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka 15 ita ce 38, 15½ tana faɗawa 39 ko 40, 16 ita ce 41, 16½ kuma 42. Da 16 da 41 wuya ɗaya ne.

To yaya ake auna wuyan? Ka ari tef ɗin tela, ka sa wani ya auna ka, domin wanda ke auna kansa yakan sunkuya, awon ya lalace. Ka tsaya ƙyam, kai a miƙe, kada ka ɗaga haɓa. A zagaya tef ɗin a gindin wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, daidai inda maɓallin sama yake zama. Tef ya taɓa fata amma kada ya nutse a ciki. Abin da ya nuna, ka ƙara masa rabin inci na numfashi. Wasu teloli yatsa suke sawa a ƙarƙashin tef ɗin a madadin ƙarin. Duka biyun daidai ne, amma ka zaɓi ɗaya. In aka sa yatsa kuma aka sake ƙara rabin inci, kwalar za ta riƙa lilo, ka ɗaura nektai ta tattare kamar bakin buhu.

Girman wuya rabi-rabi yake hawa: 15, 15½, 16, 16½. In awonka ya faɗa tsakani, ka hau sama. Dalilin kuwa, yadin auduga yana ɗan shiga bayan wanki, kuma wuyan mutum yana ɗan cika in zafi ya yi. Wanda ya san rana ta watan Afrilu a Maigatari ya san abin da nake faɗa. Kwalar da ta yi maka cif da asuba, kafin azahar ta zana maka layi a wuya.

Af, tef ɗin ma a duba shi. Akwai wasu tef na Caina da gefensu ɗaya ba inci ba ne, wani ma'auni ne nasu wanda ya fi inci tsawo. Gwajin ba wuya: tsawon 10 a gefen inci ya kamata ya yi daidai da 25 da ɗan ɗoriya a gefen santimita. In ka ga ya kai 33, ajiye wannan tef ɗin.

Yanzu mu zo ga hannu, a nan ne aka fi rikicewa. Je ka tambayi telanka tsawon hannunka, zai buɗe littafinsa ya ce maka 24 ko 25. Ka je kasuwa ka ga an rubuta 34/35, ka ce wannan ai ta samudawa ce. Ba haka ba ne. Telanmu daga kan kafaɗa yake farawa, inda hannun riga yake haɗuwa da jikinta. Su kuwa masu lambar 34 daga tsakiyar bayan wuya suke farawa, kan ƙashin nan da kake ji a ƙasan ƙeya in ka sunkuyar da kai. Daga nan tef ya bi ta kan kafaɗa, ya sauka ta bayan gwiwar hannu, ya tsaya a ƙasan ƙashin wuyan hannu kaɗan. Hannun kuma a ɗan lanƙwashe, domin a ofis ba a sandare kake zama ba, rubutu kake yi, kana miƙa takarda. In aka auna hannu a miƙe tsam, da ka lanƙwasa shi bakin rigar zai gudu sama.

Ke nan bambancin awon nan biyu rabin faɗin kafaɗa ne. Wannan ya sa ko a waya za ka iya fitar da lambarka daga littafin tela.

Bari in kawo misali na wani ƙanin abokina daga Gagarawa, wanda aka kira intabiyu, ya ba wani ɗan'uwansu saƙon shat daga Ƙofar Wambai a Kano. Da farko cewa ya yi kawai a sayo masa "L". Na ce masa ɗan dakata, domin L ɗin wani kamfani M ɗin wani ce, kuma harafi ɗaya yakan haɗa wuya biyu: L galibi 16 ce zuwa 16½, M kuma 15 zuwa 15½. Muka je wurin tela. Wuyansa, ba yatsa a ciki, ya ba da 15¼. Muka ƙara rabi, ya zama 15¾. Babu riga mai wannan lamba, sai muka hau zuwa 16, wato 41. Kafaɗarsa a littafin tela 18 ce, rabinta 9. Hannunsa daga kafaɗa 24½. Ka haɗa 9 da 24½, ka samu 33½. Nan ma muka hau zuwa 34. Saƙon da aka tura Kano ya zama: wuya 16 ko 41, hannu 34/35, kada a ɗauko 32/33 ko da ta fi kyau.

Me ya sa ake rubuta lamba biyu a hannun? Kamfani ne yake rage wa kansa aiki, yana ɗinka hannu ɗaya don mutum biyu. Rigar 34/35 an yanka ta ne a kan dogon, sai a sa maɓalli biyu a bakin hannun. Mai hannu 34 ya sa maɓallin ciki, wanda ya fi matsewa, bakin hannun ya tsaya a wuyan hannunsa bai zarce ya rufe tafi ba. Mutane da yawa suna ɗauka maɓallin nan na biyu na ajiya ne in ɗaya ya faɗi. Aikinsa ke nan. Rigunan da ke da lambar santimita kuwa, yawanci ba sa faɗin hannu sam, sai ka auna da kanka. Shi yaron nan, 24½ ɗinsa santimita 62 ne daga ɗinkin kafaɗa zuwa ƙarshen bakin hannu.

Duk wannan lissafin a kan sabuwar riga yake tafiya sumul. Gwanjo kuwa, ni ban yarda da lambar da ke jikinta ba sai na auna. Rigar da wani ya sa shekara da shekaru, aka wanke ta da ruwan zafi, aka busar a inji, ta riga ta shiga. Wata ma tsohon mai ita ya kai an rage mata hannu, lambar kuwa tana nan yadda take. Don haka ka shiga kasuwa da tef a aljihu. Ka ɓalle maɓallan, ka shimfiɗa kwalar a miƙe, ka auna daga tsakiyar maɓallin wuya zuwa can ƙarshen ƙofar maɓallin da ke ɗaya gefen. Abin da ka samu shi ne ainihin wuyan rigar yau. In an rubuta 16 amma tef ya ce 15½, to 15½ ce. Hannun kuma ka kifa rigar, ka fara daga tsakiyar ɗinkin kwala ta baya, ka bi kafaɗa har bakin hannu. Mai kaya zai iya yi maka kallon mai tsirfa. Ba komai, minti biyu ne.

In kuma akwai damar gwadawa, ka sa ta a kan singileti ka ɓalla maɓallin wuya, wanda yawancinmu ba mu taɓa ɓallawa sai ranar nektai. Yatsa biyu su shiga tsakanin kwala da wuya ba tare da kokawa ba. In ɗaya ma bai shiga ba, ta yi kaɗan. In huɗu suka shige, ta yi yawa. Ka juya kai dama da hagu: wuyanka ya juya, kwalar ta tsaya inda take. Sannan ka saki hannuwa, bakin hannun ya sauka inda babban yatsa ya fara. Ka miƙa su gaba kamar mai riƙe da kan babur, kada ya janye ya bar wuyan hannu da nisa. Mai sa kwat, kamar rabin inci na bakin hannun shat ne ake so ya leƙo.

Ba kullum ake samun wadda ta cika duka biyun ba, musamman in dilar da aka buɗe an riga an tsince ta. A nan ra'ayina shi ne ka riƙe wuya, ka sassauta a hannu, amma ta wajen tsawo. Hannun da ya yi tsawo, tela zai warware bakinsa, ya yanke inci ɗaya, ya mayar. Jikin da ya yi buhu, zai kama shi ta gefe ko ya yi masa kalmasa biyu a baya, kuma siraran samarinmu kusan kullum suna buƙatar wannan, domin lambar wuya ba ta faɗin girman ciki. Hannun da ya gaza kuwa babu yadin da za a ƙaro. Kwala ma haka: iyakar abin da tela zai yi shi ne ya gusa maɓallin da kamar kwatan inci. Ya wuce nan, kunnuwan kwalar biyu ba za su ƙara haɗuwa a tsakiya ba, nektai ya karkace gefe.

Wanda ya ga lamba a wuyan rigarsa da bai gane ba, irin 100 ko 105 na kayan Koriya, wannan kewayen ƙirji ne a santimita, don haka wuyan sai an auna shi da tef kamar yadda muka faɗa.