Me ya sa amsar 62 ce, ba 64 ba?

Duk wanda ya zauna jarrabawar haɗa kwamfutoci, irin ta CCNA da kamfanin Cisco ke shiryawa, ya san tambayar nan. Za a ba ka adireshi, misali `192.168.10.0`, da lambar da ake rubutawa a gurbin `Subnet mask`, a ce `255.255.255.192`, sannan a tambaye ka na'urori nawa za su iya samun adireshi a wannan rukunin.

Adireshin IPv4 gurabe 32 gare shi, waɗanda ake kira bit, kowanne ko 0 ne ko 1, an kuma kasa su gida huɗu, takwas-takwas. Aikin lamba ta biyun nan shi ne shata iyaka: duk inda take da 1 na rukunin ne, inda take da 0 kuwa an bar wa na'urori. Gidan da ke ɗauke da 255 ya cika da 1, babu abin nema a cikinsa. Shi kuwa 192, idan aka warware shi, `11000000` ne. Sifili shida ke nan. Kowane sifili yana ninka yawan adireshi, saboda haka 2 sau shida a jere ya ba da 64.

A nan ɗalibi mai gaggawa yake faɗuwa, don masu tsara tambaya sukan ajiye 64 cikin zaɓin amsoshi. Biyu daga ciki ba a ba kowa su. Na farko, `192.168.10.0`, sunan rukunin ne kansa. Na ƙarshe, `192.168.10.63`, tamkar sanƙira yake: saƙon da aka tura masa kowa a rukunin zai ji. Saura daga 1 zuwa 62. Ƙa'idar ita ce, idan `n` ne yawan sifili:

```
2^n - 2
```

Akwai gajeriyar hanya da ɗalibai ke so, wato a cire 192 daga 256 a samu 64. Tana aiki, amma ni ban yarda a haddace ta ba tare da sanin tushenta ba. Ɗauki `255.255.252.0`. Mai hadda zai cire 252 daga 256 ya samu 4, ya debe biyu ya rubuta 2, ya manta cewa gidan ƙarshe gaba ɗayansa sifili ne. Sifili biyu a gida na uku, takwas a na huɗu, goma ke nan: 1024, a debe biyu, saura 1022.

Idan `/26` aka rubuta maka, cire 26 daga 32, ga shidanka. `/31` ne ya fita daban, domin tun shekarar 2000 aka amince a yi amfani da duka adireshinsa biyu a layin da ya haɗa rauta biyu.

Kafin ka taɓa lissafi, sake karanta tambayar da kyau: yawan na'urori ake nema, ko yawan rukunoni? Idan na'urori ne, ƙirga sifili, ka debe biyu.