Neman biyan haraji kashi-kashi: abin da wasiƙarka za ta ƙunsa

A ce wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya samu takarda daga hukumar tattara haraji ta Jihar Kano, an yanka masa Naira 1,200,000. Kuɗinsa kuwa duk suna kwance a sito, domin ya sayi masara da kaka, ba zai fitar ba sai bazara. Da yawa a irin wannan hali sukan jefa takardar a aljihun tebur, kuma nan ne matsala take somawa, domin tara da kuɗin ruwa suna hawa kan harajin da aka makara biya.

Kafin ya ɗauki alƙalami, sai ya tambayi kansa: na yarda da adadin nan? Wanda ya nemi biya kashi-kashi ya amsa bashin ke nan. Idan yana ganin an yi masa aringizo, takardar ƙin amincewa zai fara rubutawa, cikin kwana 30 da samun sanarwar. In wa'adin ya wuce, adadin ya zauna daram.

To, a ce ya yarda. Wasiƙar za ta ɗauki sunansa, lambarsa ta mai biyan haraji, lambar takardar da aka aiko, shekarar harajin da adadin kuɗin. Sai dalili. "Kasuwa ta yi wuya" ba ta gamsar da jami'i, kullum yana jin ta. Abin da zai duba shi ne takardar bayanin asusun banki ta 'yan watannin baya, da rasiɗin sayen kaya, masu nuna cewa dukiyar tana nan, tsabar kuɗi ce ta yi ƙaranci.

A ganina, tayin da ya gabatar shi ne ƙashin bayan wasiƙar. Kada ya ce zai biya "idan hali ya yi". Ya rubuta cewa ya riga ya zuba Naira 400,000 a asusun gwamnati ta banki, ga rasiɗi, sauran 800,000 kuma zai biya 200,000 a ƙarshen kowane wata, daga Maris zuwa Yuni, lokacin da yake sayar da kaya. Gara ya yi alkawarin abin da zai iya, domin saɓa kashi ɗaya yana iya rushe yarjejeniyar, a nemi ragowar gaba ɗaya. Ya kuma roƙi sassaucin tara a fili, don amincewa da tsarin biya ba ya ɗauke ta.

Ranar miƙa wasiƙar, ya tafi da kwafi biyu, a buga wa nasa hatimin karɓa da kwanan wata. Shirun hukuma ba amincewa ba ne, haka ma "ba komai, Alhaji" da wani ma'aikaci ya faɗa da baki. Ya riƙa bibiya har amsa ta fito a rubuce, yana kuma biyan kowane kashi a ranar da ya ambata.