Sunan Ɗanka a Wayar Malami

Makarantu da dama sun ajiye rajistar kiran suna sun koma manhajar waya. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce inda ake buƙatar yarda don sarrafa bayanan yaro, yardar iyaye ko mai riƙo za a nema, kuma a sanar da su cikin harshe mai sauƙi.

To, takardar ta fito fili ta ce: "Muna ajiye sunan ɗalibi, ajinsa, da ranakun zuwansa. Malamin aji da shugaban makaranta kaɗai ke gani. Ba ma sayar wa kowa."

Inda aka fi yin rufa-rufa shi ne gogewa. Idan yaro ya bar makarantar, ko malami ya ajiye aiki da wayarsa a aljihu, yaushe za a share sunan? Takardar da ta ce "idan buƙata ta ƙare" ba ta amsa ba. A nemi ta faɗi adadin watanni.