Tsara Jerin Baƙi Daga Saƙonnin Waya

Malama Talatu za ta yi walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarta. Ta aika da gayyata a zauren WhatsApp na danginta, mai mutum 60. Amsoshi suka yi ta shigowa a warwatse. Wani ya ce, "Zan zo." Wata ta ce, "Allah ya sanya albarka." Wannan addu'a ce, ba alkawarin zuwa ba, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskure.

Talatu ta ɗauki takarda, ta raba ta gida uku: masu zuwa, waɗanda suka ba da uzuri, da waɗanda amsarsu ba ta fito fili ba. Ta bi saƙonnin daga farko, tana rubuta kowane suna sau ɗaya. Idan mutum ya amsa sau biyu, amsarsa ta ƙarshe take ɗauka.

Mutum 32 suka ce za su zo. Amma ƙanenta ya rubuta, "Muna tafe." Su nawa ne? Ta kira shi, ya ce su biyar ne, sai adadin ya zama 36. Ta kuma kira mutum 9 da ke gida na uku, 4 suka tabbatar. Da yamma ta sanar da mai dafa abinci cewa baƙi 40 ne.